Yanka Da'ira Gida Goma Sha Shida: Darasin Lissafi da Almakashi

Da'irar da ke da tsawon santimita 7 daga cibiyarta zuwa bakinta tana da lambobi biyu da ke rikita ɗaliban ƙaramar sakandare: 44 da 154. Ta farko tsawon kewayenta ce, wato zaren da za a zagaya bakinta da shi. Ta biyu kuma girman filin da ta rufe ne. Duk malamin lissafin da ya taɓa duba takardun jarrabawa ya san yadda yara ke musanya su. A tambayi fili su kawo kewaye, a tambayi kewaye su kawo fili. Dalili kuwa a bayyane yake. An ba su ƙa'idoji biyu su haddace, 2πr da πr², kuma duk biyun da alamomi iri ɗaya aka gina su: ga 2, ga π, ga r, wurin zaman 2 ɗin ne kawai ya bambanta. Yaron da hadda kaɗai ya riƙe, ranar da 2 ta zame masa daga sama ta dawo gaba, ba shi da hanyar gane cewa ya kauce.

Akwai darasi guda da ke maganin wannan, kuma kayan aikinsa ba su wuce takarda da almakashi ba. Ana yanka da'ira gida-gida daga cibiya zuwa baki, a sake jera yankunan su zama siffar da yara suka riga suka iya lissafa filinta. Darasin sananne ne, yana cikin littattafan lissafi da dama. Sai dai sau da yawa ana yin yankan a ƙare ba a koyi komai ba, saboda an tsallake tambaya ɗaya da ita ce ƙashin bayan aikin. Za mu zo kanta.

Kafin malam ya shiga aji da wannan darasi, abu biyu ne dole ɗalibai su zo da su. Na farko, su san cewa filin dogon murabba'i, wato siffa irin ta allo ko ƙofa, tsawo ne sau faɗi. Na biyu, su san cewa kewayen da'ira 2πr ne, inda r ke nufin radiyos, tazarar da ke tsakanin cibiya da baki, π kuma ake ɗaukarta a matsayin 22/7. In ajin bai riƙe na biyun ba, kada a fara. Gara a ɓata darasi guda ana zagaya faifai da murfin tukunya da zare ana aunawa, har su ga cewa kewaye yana ninka dayamita sau uku da ɗan ɗori. Wanda bai san daga ina 44 ta fito ba, ba zai gane 22 ba in ta bayyana a gabansa.

Me ya sa radiyos 7? Don 22/7 ta cinye shi ba saura, kewaye ya fito 44 cif, rabinsa 22, fili 154. Akwai kuma dalili na aljihu. Farar takardar da ake buga takardu da ita, mai faɗin santimita 21 da tsawon 29.7, tana ɗaukar da'ira biyu masu dayamita 14 in an jera su a tsaye. Aji mai ɗalibai sittin, in an raba su rukuni-rukuni na mutum biyar, rukuni goma sha biyu ke nan. Kowane rukuni takarda biyu ta ishe shi: ɗaya a fitar da da'ira biyu, ɗaya a manna aikin a kanta. Tsohuwar takardar jarrabawa da bayanta yake fari ma ta wadatar. Wani malamin yakan zaɓi kwali don ya fi kyan gani, amma kwali ba ya naɗuwa sau huɗu, yana karyewa a cibiya. Kwalin a bar wa malam, ya yi babbar da'irarsa ta nuni a allo tun daga gida.

Sauran kayan su ne kamfas, rula, almakashi, gam, da biro mai launi biyu, ja da shuɗi. Almakashi shi ne ke ƙaranci a makarantu da yawa, kuma in ya yi ƙaranci sai ka ga yara sun zaro reza daga aljihu. Kada a bari. In an goge layin naɗi da farce sosai, takarda tana yaguwa a miƙe in an danne ta da rula, kuma wannan ya fi a koma gida da yatsa a ɗaure. Abu na ƙarshe da tsarin darasi a rubuce ba ya faɗa: a kashe fanka, in kuma lokacin hunturu ne a tura tagogin da iska ke shigowa ta cikinsu. Yanki goma sha shida na takarda ba sa jiran kowa.

Batun lokaci kuma, gaskiya ita ce minti arba'in ba sa isa in yara ne za su zana, su yanka, su jera, su manna. Ko dai a nemi darasi biyu a jere, minti tamanin, ko kuma a ba su zane da yankan da'irar a matsayin aikin gida, su zo da ita a shirye. In darasi biyu aka samu, minti goma na farko na hasashe ne, kusan talatin na aikin hannu, ashirin na tattaunawa a allo, sauran kuma na gwaji.

Hasashen nan na farko mutane kan raina shi, alhali yana da amfani har ƙarshen darasi. Malam ya zana da'ira a allo, ya kewaye ta da murabba'in da ke taɓa ta a gefe huɗu, sannan ya raba murabba'in gida huɗu daidai. Kowane gida 7 ne sau 7, wato 49. Sai ya tambaya: filin da'irar ya kai gida huɗun nan? Yara za su ce bai kai ba, don ga kusurwoyi huɗu sun rage a waje. To, bai kai 196 ba ke nan. Ya wuce gida biyu? In aka haɗa wuraren taɓawar nan huɗu da layi, wani murabba'in zai fito a cikin da'irar wanda girmansa rabin babban ne, 98, kuma da'irar ta fi shi. Saboda haka amsar tana tsakanin 98 da 196. Kowane rukuni ya rubuta hasashensa a gefen allo. Wasu za su ce 150, wasu 147 don gida uku ne. A bar lambobin nan a allo kada a goge.

Yanzu sai aikin hannu. A yanke da'irar, a ja layi ta cibiya ya raba ta biyu. Kafin a taɓa almakashi kuma, a bi bakin rabi ɗaya da jan biro, a bi bakin ɗaya rabin da shuɗi. Bakin kawai, ba cikin ba. Littattafai da yawa suna cewa a shafe rabin da'irar duka da launi, kuma yana da kyau a ido, amma a ganina bakin ne ya kamata ya ɗauki launi, domin shi muke so yara su bi da ido su ga inda ya tafi.

Sai naɗi. A naɗe biyu, a sake naɗewa, a sake, a sake. Naɗi huɗu yana ba da gida goma sha shida, kowanne da kusurwar digiri 22.5 a cibiya, ba tare da an auna komai ba. A naɗi na huɗu takardar ta yi kauri, tsinin yakan goce. In ya goce, yankunan ba za su fito daidai ba, kuma za a gane haka wajen jeri, don wani zai fi wani faɗi, layin ya karkace. Dabarar ita ce a tsaya a naɗi uku, a buɗe, a yanka gida takwas, sannan a naɗe kowane yanki biyu shi kaɗai.

Wannan dabarar tana da wata riba. Da yake da'ira biyu ce a hannun kowane rukuni, ta farko a tsaya da ita a gida takwas, ta biyu a kai ta sha shida. Malam kuma a allo ya nuna ta gida huɗu da kwalinsa. Jerin iri ɗaya ne: yankunan ja tsininsu ƙasa bakinsu sama, yankunan shuɗi tsininsu sama bakinsu ƙasa, a cusa su a tsakanin juna kamar yadda mutum ke sarƙe yatsun hannayensa biyu. Kada a bar rata, kada kuma wani ya hau kan wani. A jera tukuna a ga ya zauna kafin a shafa gam, don yaro in ya fara da gam, yanki na biyar ne zai nuna masa cewa na biyu ya karkace.

Ta gida huɗu ba ta kama da komai, tudu biyu ne a sama, tudu biyu a ƙasa. Ta gida takwas ta fara miƙewa. Ta sha shida kuwa, in aka ɗaga ta daga bayan aji, sai a ce dogon murabba'i ne da ya ɗan jingina gefe. Don a tsayar da shi, a ɗauki yankin da ke ƙarshe a raba shi biyu daga tsini zuwa tsakiyar baki, a bar rabi a wurin, a kai rabi ɗaya ƙarshen. Gefunan biyu sun miƙe ke nan.

A nan ne darasin yake ko dai ya yi ko ya lalace. Malamin da ke sauri yakan juya ga allo ya rubuta cewa tsawo πr ne, faɗi r ne, fili πr² ne, yara su kwafa. In haka ta faru, an yi asarar takarda da gam, don haddar da aka gudu ita aka dawo wa. Abin da ya kamata shi ne malam ya ajiye alli ya yi tambaya uku, ɗaya bayan ɗaya, ya kuma jure shirun da zai biyo baya.

Ta farko: filin ya ƙaru ko ya ragu da muka yanka? Ba kowane yaro ne ke ganin amsar nan take ba. Siffar ta yi tsawo, sai wasu su ce ta ƙaru. A tambaye su ko an ƙaro takarda daga wani wuri, ko an zubar da wata. Sai sun yarda da bakinsu cewa takardar ita ce dai, filin kuma shi ne dai, sannan a wuce.

Ta biyu: faɗin siffar nan, mene ne shi a da'irar da muka fara da ita? Wannan tana da sauƙi. Gefen da aka raba ya tashi daga tsini zuwa baki, tsinin kuma cibiya ce. Radiyos ne, 7. Su sa rula su tabbatar.

Ta uku ita ce tambayar da na ce ana tsallakewa: ina kewayen da'irar ya tafi? Kusan a kowane aji hannu zai tashi.

"Malam, ga shi nan a sama. Tsawon 44 ne."

"To, sa rula ki auna mana."

"Malam, bai kai ba. Ya kusa 22."

"Ina sauran?"

In an yi launin baki yadda ya kamata, ba sai malam ya ƙara kalma ba. Ja yana sama, shuɗi yana ƙasa. Kewayen ya rabu biyu, rabi ya kwanta a sama, rabi a ƙasa, don haka tsawon siffar rabin kewaye ne. Mai lura zai ce ai ɗan guntun da aka mayar ɗaya ƙarshen bai canja komai ba, yana nan a layinsa da launinsa, kuma ya yi gaskiya. Daga nan lissafin na yara ne: 22 sau 7, 154. A waiwayi hasashen da ke gefen allo a ga rukunin da ya fi kusa.

Sai bayan an sami 154 da lambobi ne za a koma ga haruffa. Kewaye 2πr ne, rabinsa πr. Faɗi r ne. Tsawo sau faɗi, πr sau r, shi ne A = πr². Yana da kyau malam ya nuna musu cewa r² ɗin nan ba baƙo ba ne, shi ne ƙaramin gidan nan mai 49 da aka zana tun farko. Da'ira tana cin irin wannan gida sau uku da ɗaya bisa bakwai: uku sau 49 ya ba da 147, ɗaya bisa bakwai na 49 kuma 7 ne, jimla 154. Yaron da ya ga haka ya sami hoton da zai riƙe. Fili ana ƙirga shi da murabba'ai, shi ya sa ake rubuta amsar da murabba'in santimita, kewaye kuma tsawon zare ne, santimita kawai.

Akwai ƙorafin da ɗalibi mai kaifin ido kan kawo, kuma ya cancanci a ba shi lokaci: "Malam, ai saman ba a miƙe yake ba, yana da tudu-tudu." Kuskure ne a ce masa ya yi shiru ya ɗauka a miƙe yake. Ya faɗi gaskiya, kuma rula tana goyon bayansa. In aka auna tsawon jerin a miƙe, ba a bi lanƙwasar ba, na gida huɗu yana ba da kusan 19.8, na gida takwas kusan 21.4, na sha shida tsakanin 21.8 da 21.9. In da za a iya yanka talatin da biyu da kyau, zai haura 21.9, har rular makaranta ta kusa kasa bambanta shi da 22. A rubuta lambobin nan a jere a allo a tambayi ajin inda suka dosa. Babu adadin yankan da zai mayar da tudun ya zama miƙaƙƙen layi sarai. Amma duk lokacin da aka ninka yankan, giɓin yana raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake, filin takardar kuwa bai motsa ba ko kaɗan. Saboda haka filin ba zai zama wata lamba ba sai wadda jerin ke dosa. Wannan shi ne karo na farko da yawancin yara ke haɗuwa da irin wannan tunani, wanda waɗanda suka ci gaba da lissafi za su sake tarar da shi a manyan azuzuwa. A wannan aji ba ya bukatar suna. Lambobin huɗu sun isa.

Tunanin ba sabo ba ne, kuma minti biyu na tarihi ba sa ɓata darasi. Arkimidis, masanin birnin Sirakus da ke tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tabbatar da cewa filin da'ira daidai yake da na alwatikar da gindinta kewayen ne, tsayinta kuma radiyos. Shi ne kuma ya yi amfani da siffofi masu gefe 96 ya nuna cewa π ta fi 3 da 10/71 amma ba ta kai 3 da 1/7 ba. Wato 22/7 da muke amfani da ita ta ɗan zarce gaskiya: ita 3.1429 ce, π kuwa 3.1416. A ƙarni na 9, a Bagadaza, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya kawo ƙa'idar a sashen awo na littafinsa na aljabara, inda ya ce a ninka rabin kewaye da rabin dayamita. Rabin kewaye 22, rabin dayamita 7. Abin da ke manne a kan teburin yaran ke nan.

Wajen gwaji, amsoshin da ba daidai ba sun fi na daidai gaya wa malam abin da ke faruwa, domin kowace tana da tushenta. A da'irar nan mai radiyos 7, wanda ya kawo 308 ya ɗauki kewayen duka a matsayin tsawo, bai ga rabuwar ja da shuɗi ba. Wanda ya kawo 616 ya sa dayamita a gurbin radiyos. Wanda ya kawo 44 kuwa, ko dai kewaye ya lissafa, ko kuma ya ɗauka 7² na nufin 7 sau 2, kuma sai an tambaye shi za a san wanne ne, don hanyoyin biyu lamba ɗaya suke bayarwa. Duk ukun hasashen farko yana kama su: 308 da 616 sun wuce 196, 44 kuma ba ta kai 98 ba. In yaro ya saba tambayar kansa ko amsarsa tana kusa da gida uku, zai riƙa kama kansa kafin malam ya kama shi. Wani tarko kuma na malamin ne: kada a ba da misali da radiyos 2. A nan 2πr da πr² lamba ɗaya suke fitarwa, mai kuskure da mai daidai duk su sha maki.

Tambayoyin gwajin su zo daga abin da yara ke gani. Murfin rijiya mai dayamita mita 1.4: radiyos 0.7, fili murabba'in mita 1.54. Ɗaki mai zagaye da za a dafe ƙasansa da siminti, faɗinsa daga bango zuwa bango ta tsakiya mita 4.2: a raba biyu a sami 2.1, a ninka 2.1 da kanta a sami 4.41, a ninka da 22/7 a sami murabba'in mita 13.86. Da gangan ake ba da dayamita a irin waɗannan, don a rayuwa ita ake iya aunawa. Ba wanda ke neman cibiyar rijiya da tef.

Tambayar da ta fi rarrabe wanda ya gane da wanda ya kwafa ita ce wannan: ga faifai biyu, ɗaya radiyos 7, ɗaya radiyos 14, sau nawa babban ya fi ƙaramin fili? Yawancin aji za su ce sau biyu. Kada malam ya gyara. Ya ce su yi tunanin an yanka babban an jera shi kamar yadda suka yi ɗazu, su faɗi tsawonsa da faɗinsa. Tsawon ya koma 44, faɗin ya koma 14, kowanne ya ninka biyu, filin ya zama 616, wato 154 sau huɗu. Aikin gida kuma, kowa ya nemo wani abu mai zagaye a gidansu, ya auna dayamitarsa, ya rubuta hasashensa na gida uku tukuna, sannan ya lissafa filin ya kwatanta su.